Atamfa goma sha biyu da neman aikin sito

Ranar Alhamis da daddare na tura takardar neman aiki ta imel ga wani kamfani da ke Rayfield, suna neman mai kula da sito. Daga wannan daren waya ta zame mini kamar jaririn da ake goyo. Ko ƙarar saƙon bashin data ta yi, sai gabana ya faɗi. Alhamis ta zagayo, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Sai na zauna na tsara musu wasiƙar tuni. Na fara da gaisuwa irin ta gidan sarki: ya aiki, ya iyali, ya sanyin Jos. Na faɗa musu shekarata uku da gama bautar ƙasa, haya ta kusa ƙarewa, ga aure a gaba. Na rufe da cewa mako guda ke nan ban ji komai ba, ina fata lafiya. Ƙarfe 11 na dare na gama, Allah Ya taimake ni na ce bari Yaya ta gani tukuna, tunda shekararta takwas tana ofishin ɗaukar ma'aikata.

Da safe na same ta a Unguwar Rogo tana suyar dankali. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Auta, aiki kake nema ko zakka?"

Ta ce in ƙirga mata makon nan nawa. Na ce kwana bakwai cif. Ta ce Alhamis ɗin farko ba ta cikin lissafi, don da na tura kowa ya tashi. A cire Asabar da Lahadi. Litinin kuma hutun gwamnati aka yi. Saura Juma'a, Talata, Laraba da Alhamis: kwana huɗu na aiki. A ƙa'idarta, sai an cika kwanakin aiki biyar zuwa bakwai kafin mutum ya ce uffan. Sannan ta ce in buɗe tallar aikin in karanta layin ƙarshe. Ashe sai Juma'a mai zuwa za a rufe karɓar takardu. Ta ce ofisoshi da yawa ba sa fara tantancewa sai an rufe, don haka idan talla ta sa rana, daga ranar ake fara ƙirga, ba daga daren da kai ka matsu ba. Wato ina shirin yi wa mutane ƙorafin ba su raba tuwo ba, alhali ko ruwa ba a ɗora ba.

Lokacin turawa ma ta yi mini tatas. Saƙon dare ko na yammacin Juma'a yakan kwana ƙarƙashin tulin na Litinin. Ita ta fi son Talata ko Laraba, tsakanin 9 da 11 na safe, an sha shayi, rai bai ɓaci ba tukuna.

Kalaman kuwa jimla huɗu ta yarda da su. Ka faɗi muƙamin da ranar da ka tura. Ka ce har yanzu kana son aikin, ka haɗa da abu ɗaya tak da ya dace da shi, ni nawa shi ne shekara biyu ina riƙe da littafin kaya a wani shagon Farin Gada. Ka tambayi yaushe ake sa ran kiran waɗanda aka zaɓa. Ka yi godiya, ka sa suna da lambar waya. Ba haya, ba aure, ba "ban ji komai ba", don wannan zargi ne da ya sa babbar riga. Sau ɗaya ake yi, in ta kama a ƙara ɗaya bayan mako biyu, daga nan a haƙura. Kuma kada a buɗe sabon saƙo: a shiga Sent, a nemo na farko, a danna Reply, a tabbata adireshinsu ne a sama, don mai karantawa ya ga tarihin maganar a ƙasa.

Ta shiga Sent ɗin da kanta don ta nuna mini. Ta taɓa fayil ɗin da na liƙa. Sai na ga ta ajiye matsamin dankali ta zauna a kan turmi.

"Atamfa 12," ta fara karantawa. "Leshi 6. Akwati saiti ɗaya. Takalma da jaka..."

Rana ɗaya aka buga mini takardun karatuna da jerin kayan lefe a wani shago a Terminus, ɗaya Doc1, ɗaya Doc2. Mako guda ina jiran a kira ni intabiyu a kan turaren wuta.

Ranar rufewar da na raina ita ta cece ni. Wannan kam ba a jira Talata ba, Yaya ta ce gyara ba tuni ba ne. Nan take muka sake wa fayil suna, muka sa sunana da muƙamin, muka tura da layi biyu: an liƙa takardar da ba ita ba, ga ta gaskiya, a yi haƙuri.

Laraba amsa ta zo. Sun karɓa, za su kira waɗanda aka zaɓa bayan an rufe. A ƙasa matar da ta amsa ta ƙara layi ɗaya da Hausa: Allah Ya sanya alheri, amma leshi 6 ya yi kaɗan.