Ƙannena, ba gasar baki aka kira ku ba

Makon jiya na zauna cikin masu tantance ma'aikata na wata ƙungiya a nan Maraɗi, har yanzu raina bai huce ba. Aka zaunar da matasa 8 a teburi ɗaya, aka ba su minti 20 da takarda guda: ga sefa miliyan 5, ga ƙauye a yankin Gidan Rumji, famfo ya lalace, rumbun cimaka babu hatsi, ajin makaranta na zana ne. Su shirya a tsakaninsu, su fito da shawara ɗaya.

Ku lissafa, minti biyu da rabi ne rabon kowa. Wani saurayi shi kaɗai ya cinye kusan rabin lokacin. Wata yarinya ta fara cewa a tambayi kuɗin gyaran famfo tukuna, don a san abin da zai rage na hatsi, bai bari ta kai aya ba ya tsinke ta da Faransancinsa na burga. Daga baya ya maimaita maganar tata kamar shi ya haife ta. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Abin da bai sani ba, kowannenmu mutum biyu kawai aka ba shi ya sa wa ido. Takardar da ke gabanmu ba ta damu da famfo ko rumbu kuka zaɓa ba. Muna rubuta wa ya saurara, wa ya ɗora kan maganar wani, wa ya kula da agogo, wa ya katse mutane. Duk katsewa sai alƙalami ya motsa. Ɗaya daga cikin biyun da aka ba ni, sau uku kawai ya buɗe baki. Ya ce, "Malama ba ta gama ba, mu ji ta." Da saura minti biyar ya tunatar da su, ya tattara abin da aka yarda a kai. Shi da yarinyar aka sake kira. Wanda kuma ya naɗe hannu bai ce uffan ba, shi ma ya faɗi, don ba mu da abin rubutawa a kansa.

Amma katsewar nan ce ke ci mini rai. Mutum na magana, kai kana haɗa taka a ciki, leɓe na rawa, kana jiran ya ja numfashi ka afka. An ce baki shi ke yanka wuya, kun mai da shi tatsuniya. Wanda ya kasa haƙuri da abokin takararsa na minti ɗaya, yaya zai zauna da matan ƙauye su gama bayanin layin ruwa? Kada ma a zo zancen masu latsa waya a ƙarƙashin teburi, su zaci ba a gani.

Mu da muka tashi, ko a fadar mai unguwa yaro ba ya tsoma baki sai babba ya ce "to, kai fa?" Yanzu a hirar shayi, a rediyo, har a zaman makoki, kowa magana yake, ba mai saurare. Yara a nan suka koya, suka kwaso mana har ɗakin neman aiki.