Labarin da ya cije a tsakiya ba haɗarin mota yake nema ba

Kwanakin baya wata ɗalibata da ke zaune a Gwammaja ta kawo mini rubutunta a manyan littattafan makaranta guda biyu, ta ce: "Malam, labarin nan ya ƙi gaba. Wata biyu ke nan ina babi na 15. Ina ganin zan sa baffan yaran ya yi haɗari a hanyar Zariya." Na ce ta dakata tukuna. Maganin da marubutanmu da yawa suke fara ɗaukowa ke nan idan labari ya cije: haɗarin mota, ko asirin boka, ko wata kishiya da za ta faɗo daga sama. A ganina wannan shi ne babban abin da ke kashe tsakiyar littattafanmu da finafinanmu masu dogon zango, kuma abin yana damuna, domin sau da yawa mafarin labarin mai kyau ne.

Ga labarin nata a taƙaice. Wata tela ce mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gida ɗaya, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumuni, kuma tunda babu ɗa namiji, 'yan matan suna da kashi biyu cikin uku, ragowar kuma ta ƙanen mamacin ce. An yi wa gidan kuɗi naira miliyan 12, rabon baffan ya kama miliyan biyu da rabi. Ya ce ko a ba shi kuɗinsa ko a sa gida a kasuwa da zarar ta fita takaba. Wannan mafari ne mai ƙarfi. Akwai abin da take so, akwai mai hana ta wanda kuma yana kan haƙƙinsa, ga wa'adin wata huɗu da kwana goma yana tafiya.

Na ba ta takarda na ce ta rubuta layi ɗaya tak a kan kowane babi, kuma layin ya amsa tambaya ɗaya: mene ne ya canza wanda ba zai koma yadda yake ba? Babi na 1 zuwa na 7 ba su ba ta wahala ba. Daga na 8 alƙalaminta ya fara tsayawa. Baffa ya zo ya yi faɗa, ta yi kuka, aminiyarta ta lallashe ta. Ya aiko da dillali, ta yi kuka, aminiya ta lallashe ta. Aka je wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri. Sai na ɗauki babi na 9 na musanya shi da na 13, na ce ta karanta. Ba abin da ya lalace. Duk babin da za a iya sauya masa wuri labari bai ji a jikinsa ba, to tsaye yake, komai daɗin hirar da ke cikinsa.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan sauƙi. Ka ba wani labarin da baki, ka saurari kalmar da kake haɗa al'amura da ita. Idan bakinka yana ta cewa "sai kuma, sai kuma", jero abubuwa kake yi kamar kayan tireda. Labari mai tafiya da "saboda haka" da "amma" ake haɗa shi. Da ta gwada, sau takwas ta ce "sai kuma" a jere, ita da kanta ta ji.

Cutar dai a fili take: babi takwas ana yi wa jarumar abu, ita ba ta yi komai ba. Haɗarin da ɗalibata take shirin kawowa ƙara wa cutar zai yi, domin shi ma daga waje zai zo. Baffa zai kwanta asibiti babi uku, a yi jinya, a yi dubiya, ya warke ya dawo da maganar gida daidai inda aka bar ta. In kuwa ya mutu, rabonsa ya koma ga nasa magadan, kuma matar ba ita ta warware komai ba.

Na san za a ce ai rayuwa haka take, ƙaddara ba ta sallama, kuma masu karatu suna son abin tausayi. Gaskiya ne, kuma ban hana ƙaddara shiga labari ba. Mutuwar mijin nan ita ma ƙaddara ce, a kanta aka gina komai. Amma abin da ke hana mai karatu barci shi ne son ganin abin da mutum zai aikata bayan ƙaddarar ta same shi. Na kuma san matsin da marubuci yake ciki. Tun zamanin da ake raba littafi na ɗaya da na biyu da na uku a kasuwa har zuwa yau da ake sakin labari kullum a waya, tsawo kuɗi ne. Sai dai mai karatun da aka ja wa rai da maimaici ba ya dawowa sayen na gaba.

Ina ake samo ƙullin da zai tayar da labari? A baya ake nemansa, cikin abin da marubuci ya riga ya shuka ya manta. Muka koma babi na 3, sai ga wani layi da ta rubuta don ado kawai: telar ita ce uwar adashin matan layinsu, mata 20, kowace tana zubin dubu goma duk mako. Na tambaye ta, "'Yata, dubu ɗari biyu tana kwana a ɗakin matar da ake shirin fitarwa daga gidanta, ba ta taɓa kallon kuɗin nan ba?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai mutuniyar kirki ce." Nan ainihin matsalar take. Tana ƙaunar jarumarta har ta hana ta yin kuskure.

Ta sake rubuta babi na 8. Baffa ya ce a ba shi kafin alƙalami kafin Juma'a ko ya kawo mai saye, saboda haka ta ɗauki kuɗin adashi ta ba shi, da niyyar mayarwa da kuɗin ɗinkin sallah. Amma wadda za ta kwasa a makon ita ce aminiyar nan mai lallashi, kuma kayan ɗakin 'yarta za ta saya. Saboda haka ta yi mata ƙarya. Amma baffa ya san tela mai takaba ba ta da dubu ɗari biyu a ajiye, ya fara tambayar inda ta samo. Dubi abin da yanke shawara guda ya yi. Babu sabon mutum ko ɗaya da aka shigo da shi. Kafaɗar da take kuka a kai ta zama wurin da take tsoro. Gida kawai take neman tsarewa a da, yanzu har da mutuncinta a unguwa, kuma samun ɗaya yana iya cinye ɗayan. Ba ta da hanyar komawa babi na 7.

Wannan dabara tana da iyaka. Idan aka duba baya ba a sami komai ba, babu abin da jarumi yake so ƙwarai, babu abin da zai rasa, to ciwon yana farkon labari, can za a koma a gyara. Haka kuma ƙullin dole ya yi daidai da halin mutumin. Da telar fashi ta tafi yi, babu mai yarda. Taɓa amanar da ke ƙarƙashin katifarta da niyyar mayarwa kuwa, kowa a Kano ya san wanda hakan ta faru da shi.

Babi takwas ɗin nan sun koma huɗu, ta zubar da shafi kusan sittin, kuma na ga yadda abin ya yi mata ciwo. Da ta dawo bayan mako uku tana babi na 19, inda aminiyar ta yi sallama da sassafe riƙe da takardar mai kayan gado, telar kuma tana zaune a kan kekenta ta kasa amsawa.