Matar falke ta haifi jaki: me ya sa baƙo ba ya dariya sai ya san falke

Ni dai a ganina duk wanda ya ce zai fassara wa baƙo barkwancin Hausa kalma bayan kalma, to ya shirya haɗa faɗa ne kawai bai sani ba. Abin dariyar ba a cikin kalmomin yake zaune ba, yana cikin abin da mai magana da mai sauraro suka riga suka sani tun suna yara har ba sa ma tuna cewa koyonsa suka yi. A Gombe kuwa baƙi ba sa yanke mana, ga 'yan bautar ƙasa duk shekara, ga 'yan kasuwa daga kudu, wasu ma Hausar na zuba a bakinsu amma da an saki karin magana sai ka ga an bar su a tasha.

Misali ɗaya ya ishe mu. Wani mai shayi a Jekadafari, Bafulatani, ya ba da auren 'yarsa ga wani mai gidan burodi. Da safe ana zaune a teburinsa sai wani Babarbare da ya saba karyawa a wajen ya kalle shi ya ce, "Kai ɗan Fillo, ashe abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!" Wajen ya kaure da dariya, har da shi mai shayin. Akwai wani ɗan bautar ƙasa Ibo a kan bencin, ya tambaya me aka ce, wani ya juya masa da Turanci yadda take, wai matar wani ɗan kasuwa ce ta haifi jaki. Yaron nan fuskarsa ta canza, don shi abin da ya ji shi ne an zagi matar mutum da 'yarsa a gabansa kuma mutane na ƙyaƙyatawa. Kuma fa ba laifinsa ba ne, fassarar daidai take, ba a yi ƙarya ko a kalma ɗaya ba.

To me ya rasa? Da farko bai san falke ba. Falke ba mai shago ba ne da ke zaune yana jiran ciniki, mutum ne mai fataucin nesa, irin waɗanda ke haɗa ayari ƙarƙashin madugu su ɗauki kanwa da tufafi da fatu su nufi Gwanja, can wajen Salaga a ƙasar Ghana ta yau, su saro goro su dawo, tafiyar watanni ana yada zango ana tashi. A wannan tafiyar jaki shi ne motar, shi ne jarin, yawan jakunanka yawan kayan da za ka iya ɗauka, in ɗaya ya mutu a hanya kuwa ka tafka asara. Saboda haka babu abin da falke yake nema a duniya kamar ƙarin jaki, sai ga shi ya samu a cikin gida ba tare da ya je kara ya biya ko anini ba. Haka mai shayi da burodi, kullum sai ya saro, yau ga mai gidan burodin ya zama surukinsa. Ka ga inda maganar ta dace ke nan.

Amma ko ya san wannan da sauran aiki, don ainihin abin dariyar yana wani wajen. Mace ta haifi jaki ai musiba ce, a ce gida ya rikice ana salati, amma shi gogan naka murna yake don lissafin kaya yake yi. Wato ana yi wa mutum shaguɓe ne a kan son riba, cikin raha. Kuma duk Bahaushe ya san salon, karin maganarmu da yawa gaɓa biyu ne, a faɗi magana sannan a kawo hoton da ba zai taɓa yiwuwa ba, kamar "sabon salo, kiran salla da usur". Ba wanda yake tambayar wace mata ce ko a wane gari aka yi. Sau da yawa ma rabin farko kawai ake faɗi, "abin nema ya samu", sauran kowa ya ƙarasa a zuciyarsa, nan kuwa baƙo ya fi shan wahala, don ana dariyar abin da ba a ma furta ba.

Sai kuma wanda ya fi muhimmanci a wajena, wa ya faɗa wa wa. Jaki a Hausa ma zagi ne, ka ce wa mutum jaki a kasuwar Tudun Hatsi ka ga yadda za ku ƙare. Abin da ya ba Babarbaren nan lasisi shi ne wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, irin na Kanawa da Zagezagi, ko na taubasai, ko jika da kaka. A wannan wasan wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. In da wani can ne da ba abokin wasa ba ya faɗa, a gaban surukai, wallahi da labarin ya sha bamban.

Wasu za su ce ai barkwancin da aka tsaya yi wa bayani ya riga ya mutu, a bar baƙo kawai in ya daɗe zai gane. Rabin maganar gaskiya ne, bayan duk wannan dogon bayanin yaron ba zai fashe da dariya ba, iyaka ya gyaɗa kai. Amma ni ban yarda a bar shi ba, saboda wanda bai gane ba ba zama yake haka nan ba, cike gurbin yake da abin da ya zo masa, ya tafi da cewa mutanen nan ba sa mutunta matansu. Ko kuma mafi muni ya haddace maganar ya san dai ana faɗinta in an samu alheri, ya je gidan sunan maƙwabcinsa ya ce wa uban jariri matar falke ta haifi jaki. Sai wa zai raba?

Dabarar da na ga tana aiki ita ce kar a fara da fassara, a fara da abin da baƙon ya sani. Hausawa da kansu sun sabunta maganar suka ce "abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo", wannan kam ko daga Enugu mutum ya zo ko daga Ibadan zai kama nan take, don ya san abin da ɗan sanda ke farauta. In ya yi murmushi sai ka ce masa to a da can jaki ne da falke, sannan ka gaya masa su wa ke da ikon yi wa juna. In kuwa ka ji ya tambaya "da gaske ne ta haifa?" ko ka ga sai ya duba fuskokin mutane kafin ya yi tasa dariyar, to koma baya, bai shiga ba.

Kuma kar mu ɗauka sai ɗan kudu ne baƙo. Tun da jirgin ƙasa ya ratso Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, ga manyan motoci, yaron da ya tashi a Tumfure yau ina ya ga ayari? Shi ma sai an yi masa bayanin falke. Mu ma haka muke zama a wajen wasu, Ibo na cewa goro ba ya jin Turanci, Bahaushe ya ji sai ya ce to da wane goro ne yake jin magana, don mu raba shi muke a ɗaurin aure da suna a tauna, su kuwa sai babba ya ɗaga shi ya yi addu'a a kai da harshen Ibo kafin a fasa, ko da taron na 'yan boko ne zalla.