Hoton allo ko rubutu: wanne ya fi taimakon mai gyara?

Duk wanda 'yan uwa suka sani da ɗan sanin waya ya saba da irin wannan saƙo: "Shafin ya ƙi buɗewa, yana ta nuna wani abu." Wane abu? Sai a yi ta tambaya kafin a kai ga gano abin da wayar ta faɗa tun farko. Ra'ayina shi ne, ga yawancin mutane hoton allo ya fi rubutawa da hannu, amma hoton da aka turo shi kaɗai bai gama aikin ba.

Mu ɗauki misali guda. Mutum ya buɗe wani shafi a Chrome, sai ga gargaɗi da manyan baƙaƙe: `Your connection is not private`. Idan aka ce ya rubuto abin da ya gani, wannan layin zai kwafo, domin shi ne ya fi girma. Alhali amsar tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Idan an rubuta `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`, maganar kwanan wata ce: ko dai agogon wayar ya kauce, ko kuma wa'adin takardar shaidar tsaron shafin ya ƙare. Mai taimako zai ce a duba kwanan watan wayar, a mayar da shi yana saita kansa. In daidai yake, to laifin masu shafin ne, sai a jira su sabunta. Idan kuwa `NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID` ne, wayar ce ba ta yarda da wanda ya bayar da takardar ba, abin da kan faru a Wi-Fi na jama'a da ke tsare mutum sai ya shiga ta wani shafi tukuna. Kan gargaɗin iri ɗaya ne, magani kuwa daban.

Hoto yana kamo wannan ƙaramin layi ko da mai wayar bai san yana da amfani ba. Yana kuma kamo saman allon, inda ake ganin ko Wi-Fi ake kai ko data, ko VPN na kunne, da adireshin da aka shiga, wanda sau da yawa harafi ɗaya ne ya ɓace a cikinsa. Shi ya sa nake takaicin masu yanke hoton su bar tsakiya kawai, suna ganin tsafta suka yi. A rubutun hannu kuma, sifili kan koma harafin O, lamba 1 ta koma ƙaramin l, ga madannin waya da ke canza kalma ba a sa shi ba.

Masu goyon bayan rubutu suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ana iya kwafe rubutu a neme shi a intanet nan take, hoto kuwa sai mai taimako ya zauna ya sake rubuta lambar da kansa. Ma'aikacin da ke amsa koke-koke yana iya binciko tsoffin saƙonni ya ga wa ya taɓa kawo irin wannan matsala, amma fa sai in a rubuce suke. Mai larurar gani da ke amfani da manhajar karanto allo rubutu ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan manhajojin hira kan matse hoto don rage nauyinsa, ƙananan baƙaƙen nan su ne farkon dusashewa. Turawa a matsayin fayil yana maganin wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Hoto ba ya zaɓe, duk abin da ke allon yake ɗauka: lambar asusu, ragowar kuɗi, ko lambar sirri ta wucin gadi da ta faɗo daga sama a daidai lokacin. Da zarar ya shiga zauren mutum ɗari, ba ka da sauran iko da shi. Wannan ne dalilin da wasu manhajojin banki ke hana ɗaukar hoton allo gaba ɗaya. A irin wannan wuri rubutu ne hanya, sai a kwafe shi harafi bayan harafi, kar a fassara, kar a taƙaita.

Ga yadda nake so a riƙa yi. A ɗauki hoton allon gaba ɗaya. A yawancin wayoyin Android maɓallin kunnawa ake dannawa tare da na rage sauti. A dube shi da kyau, a shafe duk abin sirri da alƙalamin gyaran hoto kafin a tura. A ƙarƙashinsa a rubuta lambar matsalar yadda take, sannan a ƙara abin da hoto ba zai iya nunawa ba: me ka danna kafin saƙon ya fito, yaushe abin ya fara, kuma shafi ɗaya ne ke yin haka ko duka. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ke nuna wa mai taimako ko wayar zai fara bincika ko shafin.