Kafin ka kai hoton hirarku fada a yanke mata hukunci

Samarin Damagaram da ƴan matanmu, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu wadda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Yaro na hira da yarinya a WhatsApp, da ta yi jinkirin amsa sai ya yi kaptir ya kawo fada, ana dafa shayi ana miƙa waya hannu zuwa hannu, kowa ya zama malamin duba. Wannan ya ce jan aji ne, wancan ya ce wallahi tana da wani, kafin a sha na uku an gama raba su. Ƴan mata ma haka suke a gurup ɗinsu, kar ku ce na ɗauki ɓangare.

Ga irin wanda aka kawo mana kwanan nan, ba zan faɗi suna ba. Yaron ya rubuta "barka da rana, ya gida" ƙarfe 2 da minti 10, amsa ba ta zo ba sai 9 da minti 40 na dare, ita ma "lafiya lau" kawai. Ya zuba mata dogon rubutu na yadda yake ji, ta liƙa ❤️ a jikin saƙon ba ta ce komai ba. Ya ce yaushe zan zo in gaida su Inna, ta ce "toh". Shi ke nan abin da ke cikin hoton, kuma a kansa aka yi ta gardama har dare ya raba.

Mu fara da jinkirin. Awan da kake gani a ƙasan saƙonka lokacin da ka tura ne, ba lokacin da ya shiga wayarta ba. Maki ɗaya mai toka-toka na nufin saƙon ya bar wayarka amma bai isa tata ba, biyu ya isa, in sun koma shuɗi an buɗe. To shi kaptir yanayin ƙarshe kawai yake nunawa, in ka ɗauka da dare za ka ga shuɗi biyu kamar tun rana ta karanta ta share ka. Na ce da yaron ya danne saƙon ya riƙe, ya shiga "Infos", nan ake ganin lokacin da saƙo ya isa da lokacin da aka karanta. Sai ga shi ya isa 9 da minti 35. Kenan awa bakwai da wani abu wayar ba ta kan intanet, tana hawa ta amsa cikin minti biyar. A garin nan da kuran ke tafiya yadda ya ga dama, rezo ya yi sama ya yi ƙasa, yarinya ta sayi forfe na dala ashirin tana tattalinsa sai dare ta kunna, ga aikin gida ga neman ruwa, me ye abin mamaki a nan? Wata ma wayar ba a hannunta take yini ba, tana wurin yaya ko an ɓoye ta sai an gama lakkol.

Amma kar ku ɗauka makin nan alƙali ne. Mutum na iya kashe "Confirmations de lecture" shuɗin ya daina fitowa kwata-kwata, ko ya karanta daga sanarwar da ke saukowa saman waya bai buɗe ba. Shi ma "en ligne" abin da yake cewa kawai WhatsApp na buɗe a wayar, bai ce ita ke riƙe da ita ba, ƙaninta na iya kasancewa yana kallon bidiyo. Masu kwana suna gadin "en ligne" ɗin mutum, ku ji tausayin idanunku.

Sai gajeruwar amsa, wadda a nan ne na fi ganin ana zaluntar mutane. Da yawa cikinmu da Faransanci muka koyi rubutu, rubuta Hausa a waya wahala yake ba mu, wasu kuma karatun bai yi nisa ba, shi ya sa saƙon murya ya fi yawa a hirarmu. Wadda za ta yi maka bokal na minti uku tana dariya, in ka tsare ta da rubutu "eh" da "toh" za ka samu, kuma da rana a tsakar gida gaban Inna da ƙanne ba za ta ɗaga murya tana yi wa saurayi bokal ba. Ga kunya da aka tarbiyyantar da ita a kai. Don haka tambayar da ta dace ita ce, haka take tun farko ko canzawa ta yi? In tun ranar da ka karɓi lambarta gajeruwar amsa take bayarwa, halinta ne. In da can tana tambayarka ya kasuwa, ya jikin Baba, tana fara yi maka magana da kanta, yanzu sati biyu kai kaɗai ke sallama kuma ba ta maido tambaya ko ɗaya, to wannan canjin shi ne labari, kuma hoto ɗaya ba ya iya nuna shi, sai ka ja hirar sama ka duba da kanka.

Zuciyar nan kuwa, don Allah ku rage mata nauyi. Tun 2022 da WhatsApp ya kawo liƙa alama a jikin saƙo, ❤️ na cikin shida na farko da ke fitowa in ka danne saƙo, tare da 👍 da 😂 da 🙏. Ita ake liƙa wa hoton jariri, ita ake liƙa wa addu'ar Juma'a. Tana iya zama ta ji daɗi kunya ta hana ta magana, tana iya zama hanyar rufe zance cikin ladabi ba tare da an ce komai ba, kuma duk fadar nan babu wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne. Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce, ba a ce a tambayi abokai ba.

A hirar yaron nan gaba ɗaya abu guda ne na ga ya cancanci a tsaya a kansa, "toh" ɗin ƙarshe, domin ya tambayi yaushe ne aka ba shi amsar da babu rana a ciki. Maganinsa ba wuya: ya kira ta ko ya yi bokal ya sa rana da kansa, "Juma'a bayan la'asar zan shigo, ya yi miki?" Mai so, ko ranar ba ta yi mata ba za ta ba ka wata. In an yi haka sau biyu sau uku kullum "sai na gani" babu madadin rana, ka samu amsarka, ka janye da mutuncinka ba zagi ba habaici a sitatus.

Ku kuma da ake kawo wa kaptir, ku san cewa wanda ya kawo shi ya zaɓi inda zai yanke. Yana iya goge nasa maganganun da "Supprimer pour moi" babu wata alama da za ta rage, ku ga amsarta mai zafi ba ku ga abin da ya jawo ta ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato da bin diddigi da giba, kuma zaman duba hirar ƴar mutane ya haɗa ukun duka. Garin nan kowa ya san kowa, hoton da ka tura wa mutum ɗaya a Birni da safe kafin magariba yana wayar yayanta a Zango, da sunanta da hotonta a sama. In dole sai ka nemi shawara, nemi mutum ɗaya babba mai riƙe sirri, ka karanta masa da bakinka, wayar ta zauna a hannunka.