Na sama ana ganinsa, na ƙasa ana jin ƙararsa ne kawai

Duk lokacin da makami mai linzami ya faɗa wani wuri, sai ka ji ana cewa garkuwar sararin samaniya ta zama hoto. Jama'a, kafin a yanke wannan hukunci a fara tambaya: wane irin makami ne?

Na balistik injin roka gare shi. Yana ci na 'yan mintuna ya mutu, daga nan makamin ya ci gaba kamar dutsen majajjawa: ya yi sama, ya lanƙwaso, ya faɗo. Masu cin dogon zango sukan haura fiye da kilomita 1,000, su dawo da gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa. Ganinsa ba wuya, tun tashinsa tauraron ɗan Adam ke hango zafin wutarsa, rada kuma ta lissafa inda zai sauka. Samunsa ne aiki. Makamin kakkaɓowa na THAAD ma ba ya ɗauke da bam, karo yake yi da shi kai tsaye, kuskuren mita ɗaya ya isa a rasa shi.

Na kuruz kuwa ƙaramin jirgi ne marar matuƙi, da fikafikai da injin jet. Tomahawk na Amurka yana gudun kusan kilomita 880 a awa, wato bai fi jirgin fasinja ba, kuma jirgin yaƙi na iya harbo shi. To ina matsalar? Ƙasa-ƙasa yake bi, yana sauya hanya, duniya kuma a dunƙule take kamar ƙwallo, rada ba ta ganin abin da ke bayan lanƙwasarta. A ce rada tana kan tsayin mita 10, makamin yana tafe a mita 50. Ba za ta hango shi ba sai ya zo kusan kilomita 42. Da wannan gudun, ƙasa da minti 3 ya rage a tantance ko abokin gaba ne, a ba da izini, a harba. Idan akwai tsauni a tsakani, lokacin ya ƙara raguwa.

Shi ya sa ban yarda da masu yi wa Patriot, garkuwar kakkaɓo makamai ƙirar Amurka, dariya don ta kasa tare harin da aka kai wa cibiyoyin mai na Abƙaiƙ da Khurais na Saudiyya a Satumban 2019 ba. Jirage marasa matuƙa da makaman kuruz aka yi amfani da su, aka tsayar da kusan rabin man da ƙasar ke haƙowa. Tsohuwar radar Patriot ɓangare guda take kallo, ba ta kewaya ko'ina, kuma a lokacin hankali na kan makaman balistik daga Yaman. Maganin mai bin ƙasa shi ne a ɗaga ido sama, a sa jirgi mai ɗauke da rada yana shawagi, sannan a girke bindigogi da ƙananan makaman kakkaɓowa daf da abin da ake gadi.