Hoton tulin buhuna ba ya ba da adadi guda

“Ai ga hoton nan, a ƙirga kawai a faɗa mana buhu nawa ne.”

Wannan magana tana damuna, duk da na san daga ina ta fito: abin da ido ya gani, ai a ce ya ƙirgu. Sai dai hoto fuskar tulin kawai yake nunawa, ciki da baya a ɓoye suke.

Ɗauki tulin da aka jera tsaf. A gaba ka ƙirga buhu 10 a jere, hawa 8, wato 80. Wannan ƙidaya ce ta gaske. Zurfin fa? Gefen ya ɗan fito a karkace, layukan baya sun matse da juna saboda nisa, ka kasa rabe ko 5 ne ko 7. In 5 ne, buhu 400 ke nan, in 7 ne, 560. Layi ɗaya tak da ka kuskure ya tafi da buhu 80.

Don haka amsar ita ce: kusan 480, da ƙari ko ragin 80, wajen kashi 17 cikin ɗari. Wannan ma sai in tsakiyar tulin a cike take, ba rami, kuma hawan baya ya kai na gaba. In bulo ne aka juye barkatai, babu layin ƙirgawa, tazarar sai ta fi haka faɗi sosai.